Kujera Uku, Mutum Ɗaya: Halin Wanda Kora Ta Tsallake

Duk ranar da aka liƙa sunayen waɗanda aka sallama a allon ofis, gari kan kasu gida biyu. Wasu su nufi gidan wanda abin ya faɗa wa domin yi masa jaje, wasu kuma su tari wanda ya tsira a bakin masallaci da murna: “Malam, barka da arziki, Allah Ya tsallakar da kai.” Shi kuwa sai ya amsa da “Alhamdulillahi”, ya wuce gida. Da wuya a sami wanda zai tambaye shi abin da zai tarar a kan teburinsa ranar Litinin: fayil-fayil na mutum biyu da ba sa nan, makullan da babu wanda ya miƙa masa a hukumance, da kujerar abokin da suka shekara goma suna cin tuwo a kwano ɗaya, ga ta nan a ture gefe.

Halin wannan mutum ya cancanci a dube shi da idon basira, domin a ƙasar Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa ba baƙon abu ba ne. Albashi ɗaya a nan yakan ɗauki gida uku: na mai shi, na iyayensa a ƙauye, da na ƙanin da bai sami abin yi ba. Wanda ke ɗauke da irin wannan kaya ba ya iya ɗaga murya idan an ƙara masa aiki. Shirun nan nasa kuwa shi ne babban haɗarin da ke gabansa, ya ma fi korar da yake tsoro kusa da shi.

Mutanen wannan yanki sun ga misalin abin da idonsu. Ranar 1 ga Nuwamba, 2013, Gwamnatin Tarayya ta miƙa kamfanonin da aka yanko daga PHCN, magajin NEPA, ga 'yan kasuwar da suka saye su. Dokar gyaran fannin lantarki ta 2005 ce ta raba hukumar gida 18: kamfanonin samar da wuta shida, na rarraba ta 11, da na dakon ta guda ɗaya, wanda ya zauna a hannun gwamnati. Jihohin Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO. Ma'aikatan tsohuwar hukumar, su sama da 40,000 a faɗin ƙasa, an rufe musu littafin aikin gwamnati aka yi musu lissafin kuɗin sallama, ko da yake wasu sun daɗe suna bin haƙƙinsu. Sababbin masu kamfanonin suka zaɓi waɗanda za su riƙe, amma a kan kwantiragin wata shida, wanda zai ƙare a ƙarshen Afrilun 2014.

A tsaya a kan wata shidan nan. Mutumin da jiya yake ma'aikacin dindindin, yana lissafin shekarun da suka rage masa ya yi ritaya, yau ya wayi gari yana ƙirga makonni. Turakun wuta ba su ragu ba, taransifoma ba ta daina lalacewa ba, masu biyan bil ba su yi ƙaura daga gari ba. Hannuwan da ke aikin ne kaɗai suka ragu. Kuma kowa ya san idan wa'adin ya cika za a sake tacewa. A cikin irin wannan yanayi wa zai ce ya gaji? Wa zai nemi hutun shekara? Abubuwa uku da ke damun wanda kora ta tsallake, wato nauyin aiki da kunyar 'yan'uwan da aka sallama da fargabar gobe, duk sun haɗu a takarda ɗaya.

Lissafin nauyin aikin ba shi da wuya, amma da yawa ba sa zama su yi shi. A ɗauki ofishin karɓar kuɗi mai ma'aikata shida, ko na banki ne ko na wani kamfani ko na ƙaramar hukuma, kowa na aikin sa'a 40 a mako. Jimilla sa'a 240 ke nan. Aka sallami biyu, saura huɗu, sa'o'insu 160. Giɓin sa'a 80 bai tafi tare da waɗanda aka sallama ba, yana nan a kan tebur. Idan aka raba shi ga mutum huɗu, kowa ya sami ƙarin sa'a 20, makonsa ya koma sa'a 60. Wato an rage kashi ɗaya cikin uku na ma'aikata, amma aikin kowane mutum ya ƙaru da rabi. Wannan ma idan an ɗauka cewa waɗanda suka rage sun iya aikin waɗanda suka tafi ke nan, alhali sau da yawa wanda aka sallama shi kaɗai ya san inda tsofaffin rasit suke, shi ya san wane ɗan kasuwa ne ke biya a ƙarshen wata, wane ne kuma sai an bi shi har rumfa.

Sa'a 20 ɗin nan daga wani wuri za su fito. Daga barci za su fito, daga zaman gida bayan Isha, daga ranar Asabar da a da ake zuwa duba gonar gero ko ta riɗi. In ba su fito daga nan ba, to daga ingancin aikin za su fito: a daina ƙirga kuɗi sau biyu, a sa hannu a takardar da ba a karanta ba.

A nan ne ma'aikaci mai kunya ke cutar kansa ba tare da ya sani ba. Idan ya haɗiye giɓin nan shiru, ya zauna har Magariba kullum, rahoton ƙarshen wata ya isa hedikwata a kan lokaci kamar yadda aka saba, abin da shugabanni za su gani a takarda shi ne: an rage albashin mutum biyu, aiki bai taɓu ba. Takardar ba ta nuna ciwon kan da yake kwana da shi, ba ta nuna ranar da ya rasa jana'izar maƙwabcinsa. Sai a yanke hukuncin cewa dama mutanen sun yi yawa, kuma wataƙila huɗun ma sun yi yawa. Haƙurin da ya yi don ya tsare kujerarsa ya zama hujjar sake ragi.

Jiki kuwa magayi ne. Ƙasar Finland ta shiga matsin tattalin arziki mai tsanani a farkon shekarun 1990, ƙananan hukumominta suka rage ma'aikata. Wasu masu bincike, ciki har da Jussi Vahtera da Mika Kivimäki, suka bi diddigin ma'aikatan ƙananan hukumomi 22,430 waɗanda ba a sallama ba, na tsawon shekara bakwai da rabi, suka fitar da sakamakon a mujallar likitocin Birtaniya a 2004. A wuraren da aka rage sama da kashi 18 cikin 100 na ma'aikata, mutuwa ta dalilin cututtukan zuciya da jijiyoyin jini a tsakanin waɗanda suka rage ta ninka ta wuraren da ba a yi ragin kirki ba, kuma abin ya fi tsanani a shekarun farko bayan ragin. Akwai wani abu kuma da ya kamata ya tsaya wa mai karatu a rai. Hutun rashin lafiya ya ƙaru a tsakanin ma'aikatan dindindin, amma bai ƙaru ba a tsakanin na wucin gadi. Bayanin da ya fi kusa shi ne, mai kwantiragi yana zuwa aiki ko da ba shi da lafiya, don gudun kada a ce ba ya nan ranar da ake rubuta sunaye. Idan haka ta faru a ƙasar da asibiti ke kusa da kowa, sai a auna yadda abin zai kasance ga wanda bai taɓa gwada hawan jini ba sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi.

To, me ya kamata ɗaya daga cikin mutum huɗun nan ya yi? Abu na farko, ya sayi littafin rubutu na ɗalibai. Mako biyu cur ya riƙa rubuta kowane aiki da ya yi da lokacin da ya ci: karɓar kuɗi daga ƙarfe takwas zuwa biyu, daidaita lissafin yini sa'a ɗaya da rabi, kai kuɗi banki sa'a ɗaya, amsa koken jama'a, rubuta rahoton mako. Ya sa alama a kan ayyukan da suke nasa tun asali, da waɗanda ya gada. Bayan mako biyu yana da abin da ya fi “aiki ya yi mini yawa” ƙarfi, domin wannan magana kowa na faɗinta, kuma kunnen shugaba ya saba da ita.

Na biyu, ya kasa ayyukan kashi uku: wanda in an bar shi yau za a yi asarar kuɗi ko a cutar da wani, wanda zai iya jira zuwa ƙarshen mako, da wanda ake yi kawai don an saba, kamar rahoton da ake rubutawa sau biyu, ɗaya a kwamfuta ɗaya a babban littafi. Sannan ya shiga wurin shugabansa da takardar a hannu, a lokacin da babu jama'a. Ba sai ya ce ba zai yi ba. Abin da zai ce bai wuce haka ba: “Ranka ya daɗe, ga abin da ke hannuna. Idan na haɗa su duka suna cin sa'a 60 a mako. Wanne kake so na fara gabatarwa, wanne kuma zai jira?” Da wannan tambaya zaɓin ya koma hannun wanda ke da ikon yin sa, kuma giɓin ya fito fili. Shugaban ma sau da yawa a matse yake daga sama, yana neman abin da zai nuna wa nasa shugabannin. In su huɗun suka kawo lissafinsu tare, babu wanda za a ware a ce shi ne rago.

Na uku ya fi sauran muhimmanci ga duk mai taɓa kuɗi ko kaya. Ƙa'idar lissafi ita ce, wanda ya karɓi kuɗi ba shi ne zai duba kansa ba. Kashiya daban, mai daidaita littafi daban, mai riƙe makullin sito daban da mai rubuta abin da ya fita. Idan aka rage mutane, waɗannan kujeru sukan haɗe a hannun mutum ɗaya, sai ya ji kamar an yarda da shi ne. Amma ranar da masu binciken kuɗi suka zo suka sami giɓin Naira 300,000 da ya samo asali tun kafin ragin, sunansa kaɗai za a gani a kowane shafi. Don haka kada ya karɓi makulli ko littafi sai da takardar miƙa aiki mai kwanan wata, wadda ta faɗi nawa ne a akwati, kaya nawa ne a sito, da sa hannun shaida. Kada kuma ya shiga kwamfuta da lambar sirrin wanda aka sallama, ko da shugaba ne ya ce a yi haka don sauri. Ya nemi a buɗe masa tasa. Ga masu aikin da ke da haɗari ga rai, kamar hawa turken wuta, ƙa'idar ta fi tsauri: aikin da aka tsara wa mutum biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa yana tabbatar da an kashe layi, ba ya zama na mutum ɗaya don kawai an rage ma'aikata.

Sai batun da ba a cika faɗa ba, wato nauyin zuciya. A babban birni, wanda aka sallama yakan ɓace daga idon abokan aikinsa. A Babura ko Roni ba haka abin yake ba. Sahu ɗaya za su tsaya a sallar Asuba, 'ya'yansu na Islamiyya ɗaya, matansu na zubin adashi ɗaya. Wanda ya tsira ya san cewa wanda aka sallama ya riga shi shiga aikin, ya fi shi iyali, wataƙila ma shi ya koya masa aikin. Sai ya fara canza hanya don kada su haɗu a bakin kasuwa. Ya sayi nama ya ɓoye a leda baƙa. Shi kuma wancan yana fassara wannan kauce-kaucen da cewa akwai hannunsa a ciki, ko kuma ya sami duniya ya manta da shi. Haka zumuncin shekaru ke mutuwa ba tare da an yi faɗa ba.

Masana halayyar ma'aikata sun daɗe da lura da wannan. Joel Brockner na Jami'ar Columbia ya yi ta bincike a kai tun shekarun 1980, kuma abin da ya fi fitowa a aikinsa shi ne, waɗanda suka rage suna kallon yadda aka yi wa waɗanda suka tafi. Idan an bi hanya bayyananna, an yi bayani, an biya haƙƙi, an mutunta su, zukatan na ciki kan kwanta. Idan kuwa an yi abin a ɓoye, ko an ga alamar son kai, amana kan karye, ko da mutum bai rasa ko kwabo ba.

Gaskiyar da ya kamata wanda ya tsira ya riƙe ita ce, ba shi ya rubuta sunayen ba. Jin nauyin da yake yi shaida ce cewa yana da zuciya, amma kashe kansa da aiki ba zai mayar da kowa kujerarsa ba. Abin da zai amfani abokinsa yana nan a fili. Ya je gidansa a makon farko, kafin kunya ta yi kauri, ya ce: “Yaya, wallahi abin nan ya dame ni. Me zan iya yi?” Daga nan sai aiki: bin fayil ɗin kuɗin sallamarsa daga tebur zuwa tebur, tunda shi yana ciki, nemo masa takardar shaidar aiki, sanar da shi idan an buɗe gurbi a wani wuri, sayen kaya a wurinsa idan ya kafa tireda. Idan abokan aiki na da asusun taimakon juna, a zauna a yi maganar yadda za a fitar masa da kuɗinsa ba tare da ja-in-ja ba.

Fargabar gobe kuwa tana da tushe, bai kamata a ce wa kowa ya cire ta daga ransa ba. A Kano, a 2023, sabuwar gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta dakatar da albashin dubban ma'aikatan da aka ɗauka a ƙarshen mulkin da ya gabata, ta kafa kwamitin tantancewa. A watan Nuwamba aka bayyana cewa an mayar da 9,332, an sallami 3,234. Ko waɗanda aka mayar sun shafe watanni ba su san matsayinsu ba. Darasin da ke ciki ga ma'aikacin Jigawa shi ne, a ranar tantancewa takarda ce ke magana. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ruwan a nan shi ne jaka guda a gida, ba a ofis ba, mai ɗauke da takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta kowane ƙarin girma, takardun makaranta, da takardun albashi na watannin baya. Ya duba tun yanzu ko ranar haihuwarsa da rubutun sunansa sun zo ɗaya a fayil ɗin aiki da katin ɗan ƙasa da banki, domin irin wannan saɓani kan jefa mai gaskiya cikin jerin masu matsala.

Ya kuma san abin da doka ta ce. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya wajabta wa mai aiki, idan zai rage ma'aikata don sun yi yawa, ya sanar da ƙungiyarsu ko wakilinsu dalili da girman ragin, ya bi tsarin “na ƙarshen shiga shi ne na farkon fita” tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana, kuma ya yi iya ƙoƙarinsa wajen tattauna kuɗin sallama. Sashe na 11 ya tsara wa'adin sanarwa: mako biyu ga wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Sai dai dokar tana da iyaka. Ba ta ƙayyade yawan kuɗin sallamar ba, kuma kalmar “ma'aikaci” a cikinta ba ta haɗa da masu muƙaman gudanarwa da ƙwararru ba. Su waɗannan abin da ke cikin takardar kwantiraginsu da yarjejeniyar ƙungiya ne garkuwarsu, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano, ita ke sauraron irin wannan ƙara. Wanda ke cikin tsarin fansho na tarayya, idan bai kai shekara 50 ba kuma ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba, dokar fansho ta 2014 ta ba shi damar cirar har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa. Ma'aikatan jihar Jigawa da ƙananan hukumominta suna da nasu tsarin na daban, don haka su a ofishin hukumar fanshon jihar ya kamata su yi tambaya.

Sanin waɗannan abubuwa ba ya hana kora, amma yana mayar da tsoro marar fuska ya zama lissafi: in abin ya zo, wata nawa gidan zai iya ɗauka, daga ina kuɗi za su fito. Mutumin wannan yanki yana da abin da ma'aikacin Legas ba shi da shi, wato gona da turken awaki. Wanda ya bar gonarsa ta kwanta saboda ofis ya cinye masa Asabar da Lahadi ya sare reshen da zai kama idan kujera ta kuɓuce. Lokacin fargaba kuma ba lokacin cin sabon bashin da za a riƙa cirewa daga albashi ba ne.

Babban nauyin dai yana kan masu yanke hukunci, shugabannin kamfanoni ne ko na gwamnati. Duk wanda ya zauna ya rubuta jerin mutanen da za su tafi, wajibi ne ya rubuta jeri na biyu a zama ɗaya: ayyukan da za a daina, rahotannin da za a haɗe, kwanakin da ofis zai rufe da wuri don a daidaita littafi. Ya tara waɗanda suka rage ya gaya musu gaskiya, ko an gama ko da saura, da ma'aunin da aka yi amfani da shi. Ya biya waɗanda suka tafi haƙƙinsu da wuri, domin na ciki suna kallo. Ƙungiyoyin ƙwadago su ma su faɗaɗa abin da suke kai wa teburin tattaunawa. Yawanci maganar kan tsaya a kan mutum nawa za a sallama da nawa za a biya su. A ƙara da sa'o'in aikin waɗanda suka rage, da kuɗin ƙarin lokaci, da ranar da za a sake zama, bayan wata uku, a duba littattafan da ma'aikatan suka cika a ga ko mutum huɗu na iya ɗaukar aikin shida.